Kafin ka zuba masara a sito, gwada kasuwa uku a shafi ɗaya

Duk shekara idan kaka ta yi, hatsi ya cika kasuwa kuma farashi ya sauka, akwai masu fitowa da kuɗinsu su sayi masara ko dawa ko wake su jibge a sito, su jira bazara ko tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Daga Dawanau a Kano har Maraɗi, wannan tsohuwar sana'a ce. Duk wanda zai shiga cikinta tambayarsa ɗaya ce, wato nawa zai samu, amma amsar ta rataya a kan abubuwan da ba a hannunsa suke ba: farashin da zai tarar ranar sayarwa, watannin da kayan za su yi a ajiye, da abin da ƙwari da danshi za su ci kafin a buɗe sito.

Yanzu da yawa daga cikin 'yan kasuwa, ko yaransu masu riƙe musu littafi, suna yin irin wannan lissafi a manhajar Excel. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya sa farashi, ya dubi riba, ya goge ya sa wani, ya rubuta amsar a bayan ambulan, ya sake gogewa. Kafin a jima ya manta lambobin da ya fara da su, kuma idan abokin jarinsa ya tambaye shi yadda aka yi riba ta kai kaza, ba zai iya maimaitawa ba. Wasu kuma sai su kwafi fayil ɗin sau uku, kowane da nasa lambobin, ranar da aka gano kuskure a lissafi sai a gyara guda a manta da biyu.

A cikin Excel akwai wani abin aiki da aka yi domin wannan matsala, sunansa Scenario Manager. Tsoho ne, yana nan tun shekarun 1990, amma da yawa cikin masu amfani da manhajar kullum ba su taɓa buɗe shi ba. Aikinsa shi ne ya riƙe maka rukunin lambobi, kowane rukuni da sunan da ka raɗa masa, ya zuba su a shafin lissafinka duk lokacin da ka kira, sannan idan ka so ya jera maka sakamakonsu gefe da gefe. Kowane rukuni za mu kira shi yanayi, domin abin da yake wakilta ke nan: yadda kasuwa za ta iya kasancewa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Lambobin nan na misali ne, ba farashin kasuwar yau ba, kowa sai ya sa nasa. A ce mutum zai sayi masara buhu 200, kowane buhu naira 40,000. Kuɗin mota da dako da buhunan zubawa sun kama naira 2,000 a kan kowane buhu, hayar sito kuma naira 30,000 a wata. Yana sa ran zai ajiye wata 6, ya yi asarar kashi 3 cikin ɗari, ya sayar a kan naira 52,000.

Sharaɗin farko, wanda idan aka karya shi komai ya lalace, shi ne kowace lamba ta zauna a gurbinta ita kaɗai. Yawan buhu a gurbin B2, farashin saye a B3, mota da dako a B4, haya a B5, watanni a B6, asara a B7, farashin sayarwa a B8. A ƙasa sai a rubuta lissafi uku, abin da aka kashe, abin da aka samu, da riba:

```
B10  =B2*(B3+B4)+B5*B6
B11  =B2*(1-B7)*B8
B12  =B11-B10
```

Ka lura babu 52,000 ko 200 a cikin waɗannan layuka, sunayen gurabe ne kawai. Wanda ya cusa farashi a cikin lissafin kansa ya rufe wa Scenario Manager ƙofa, domin shi gurabe yake sauyawa, ba ya shiga cikin lissafi ya gyara. Da waɗannan lambobi, abin da aka kashe naira 8,580,000 ne, buhu 194 za su rage a sayar, riba kuma naira 1,508,000. Riƙe wannan lamba ta ƙarshe, za ta yi mana amfani a gaba.

Akwai wani ɗan aiki da ya kamata a yi tun yanzu, ko da yake yawanci ana tsallake shi. Danna gurbin B8, ka je ɗan akwatin da ke can sama ta hagu inda aka rubuta B8, ka goge ka rubuta Farashin_sayarwa, ka danna Enter. Haka za ka yi wa B6 da B7 da B12, ka kira su Watanni da Asara da Riba. Sunan ba ya karɓar tazara a tsakani, shi ya sa ake haɗa kalmomi da layin ƙasa. Amfanin wannan shi ne idan rahoto ya fito zai fito da sunaye, in ba haka ba za ka ga $B$8 da $B$12, kuma babu dattijon da zai zauna yana karanta maka irin wannan.

Yanzu a shiga Data a saman manhajar, a danna What-If Analysis, a zaɓi Scenario Manager, sannan Add. Zai nemi suna, da kuma guraben da za su riƙa sauyawa, wurin da aka rubuta Changing cells. A namu misalin B6 zuwa B8 ne, wato watanni da asara da farashin sayarwa. Yanayi na farko da za ka ajiye ya zama lambobin da ke kan shafin yanzu, ba tare da ka taɓa komai ba. Kira shi Tsaka-tsaki. Dalilin yin haka shi ne maɓallin Show, wanda ke kiran yanayi, rubutawa yake yi a kan abin da ya tarar. Idan ba ka ajiye lambobin asali a matsayin yanayi ba, da ka kira wani sun tafi.

Na biyu, kasuwa ta yi kyau: farashi ya kai naira 60,000, an sayar bayan wata 5, asara kashi 2. Riba ta zama naira 3,210,000. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya iya lissafin ranar daɗi.

Na uku ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne za a ga abin da ya bambanta wannan hanya da sauya lamba ɗaya da hannu. A ce farashi ya ƙi tashi, ya tsaya a naira 43,000. Wanda ya sauya farashin kawai, ya bar wata 6 da asarar kashi 3 yadda suke, zai ga faɗuwar naira 238,000. Zai ce wannan ai da sauƙi, jarin sama da miliyan takwas ba zai girgiza da haka ba. Amma a zahiri ba haka ɗan kasuwa yake yi ba. Idan wata na shida ya zo farashi bai motsa ba, ƙin sayarwa yake yi, ya ce bari a ga wata mai zuwa. Kayan su kwana a sito har damina ta yi nisa, hayar wata uku ta hau, danshi ya shiga, ƙwari su samu lokaci. Don haka yanayin faɗuwar kasuwa na gaskiya shi ne farashi 43,000, wata 9, asara kashi 8. Abin da aka kashe ya koma naira 8,670,000, buhu 184 suka rage, faɗuwar kuma naira 758,000. Ta ninka ta farko fiye da sau uku, alhali farashin sayarwa bai sauya ko kwabo ba tsakanin lissafin biyu.

A ganina wannan shi ne ainihin amfanin abin. Lambobin kasuwa ba sa tafiya ɗaiɗai, idan guda ta motsa tana jan 'yan'uwanta. Da yake Scenario Manager yana neman ka cika dukkan guraben a lokaci guda a ƙarƙashin suna ɗaya, yana tilasta maka ka tambayi kanka, idan farashi ya faɗi, me kuma zai biyo baya? Sai dai shi kansa bai san amsar ba. Bai san danshi ba, bai san halin ɗan kasuwa ba. Idan ka ba shi farashi mai muni tare da asarar kashi 2 da wata 5, zai karɓa ya lissafa maka ba musu. Haɗa lambobin da za su iya zama tare aikin wanda ya san sana'ar ne, shi ya sa ya fi kyau yaron da ya iya kwamfuta ya zauna da mai gidan da ya san sito, maimakon ya ƙirƙiro lambobin shi kaɗai.

Wajen shigar da asara akwai tarko ƙarami. Akwatin da ake rubuta lambobi, Scenario Values, yana nuna kashi 3 cikin ɗari a matsayin 0.03. Kashi 8 kuma 0.08 ne. Wanda ya rubuta 8 ya gaya wa manhajar cewa asara kashi 800 ce, sai ya ga faɗuwar miliyoyi da ta wuce jarin gaba ɗaya. Wannan kuskure ba ya ɓoyuwa, girmansa ke tona shi.

Idan an gama shigarwa, sai a danna Summary, a zaɓi Scenario summary, a nuna masa gurbin da ake son ganin sakamakonsa a wurin Result cells, wato B12, ko a haɗa da B10 da B11. Excel zai buɗe sabon shafi ya jera yanayin uku, kowane da lambobinsa a sama da ribarsa a ƙasa, tare da jeri na farko mai suna Current Values wanda ke nuna abin da ke kan shafin a daidai lokacin. Wannan takarda ce za a iya bugawa a ajiye gaban abokan jari: 3,210,000 a sama, 1,508,000 a tsakiya, faɗuwar 758,000 a ƙasa.

Wannan rahoto hoto ne, ba madubi ba. Abin da ke cikinsa lambobi ne daskararru, babu lissafi a bayansu. Idan gobe mai sito ya ƙara haya zuwa naira 40,000 ka gyara B5, riba a shafin lissafi za ta sauya, amma rahoton yana nan yadda yake, kuma babu abin da zai gargaɗe ka. Hanyar ganewa ita ce ka kira Tsaka-tsaki da Show ka kwatanta B12 da abin da rahoton ya rubuta a ƙarƙashin wannan suna. Idan sun saɓa, rahoton ya tsufa. Goge shi ka sake danna Summary. Kuma ya kamata a goge ɗin, domin Excel ba ya maye gurbin tsohon, sabon shafi yake ƙarawa, har ka wayi gari da rahoto huɗu ba ka san wanne ne na yau ba.

Kuskuren da ya fi wannan wuyar ganewa yana zuwa ne idan aka ƙara yanayi daga baya. A ce wani ya kawo shawarar a zuba masarar a buhun PICS, irin mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga har ƙwari su mutu, wanda manoman wake a arewa suka san shi. A misalinmu, a ce zai ɗaga kuɗin B4 daga naira 2,000 zuwa 4,500, ya kuma sauke asara zuwa kashi 1. Sai ka ƙara yanayi na huɗu, faɗuwar kasuwa amma da buhu mai leda, wannan karon da gurabe huɗu, har da B4. Amsar da zai bayar ita ce faɗuwar naira 656,000 maimakon 758,000. Wato a wannan lissafi buhun ya rage zafi da naira 102,000, amma bai ceci mai shi daga faɗuwar farashi ba. Ko wannan kaɗai abin sani ne kafin a kashe rabin miliyan a kan buhuna, ko da yake lissafin bai sa cewa ana iya sake amfani da su a kaka mai zuwa ba.

To, bayan ka kalli wannan, sai ka koma Tsaka-tsaki ka danna Show. Watanni za su koma 6, asara kashi 3, farashi 52,000. Amma B4 zai tsaya a 4,500, domin Tsaka-tsaki bai san da B4 ba, gurabe uku kawai aka damƙa masa. Riba za ta nuna naira 1,008,000. Rabin miliyan ya ɓace, babu jan rubutu, babu gargaɗi, kuma lambar tana da kamar gaskiya. Wanda bai riƙe 1,508,000 a kansa ba zai wuce da ita. Maganin shi ne dukkan yanayi su yi tarayya a gurabe iri ɗaya. Da ka ƙara B4 a guda, koma sauran ukun ta Edit ka ƙara musu shi, ka sa 2,000. A rahoton ma ana iya kama wannan, domin Excel yana shafa launin toka a kan lambobin da kowane yanayi ke riƙe da su. Lambar da ka gani fara a ƙarƙashin wani yanayi ba tasa ba ce, daga shafin ya aro ta.

Daga wannan hali na rubutu a kan abin da aka tarar ne wata ɓarnar ke fitowa. Idan gurbin da ka sa a Changing cells yana ɗauke da lissafi, misali farashin sayarwa an rubuta shi a matsayin farashin saye da ƙarin kashi 30, ranar da ka danna Show lissafin zai goge, lamba ta zauna a wurinsa. Excel yana faɗakarwa lokacin da ake ƙara yanayin, amma mutane sun saba danna OK ba su karanta ba. Daga nan ko ka sauya farashin saye, na sayarwa ba zai bi shi ba. Guraben da za a damƙa wa Scenario Manager su zama waɗanda ake rubuta lamba da hannu kawai.

Iyakokinsa ba su da yawa amma suna da ƙarfi. Yanayi ɗaya ba ya ɗaukar gurabe sama da 32, kuma dole su kasance a shafin da aka ajiye yanayin, ba a warwatse a shafuka daban-daban ba. Ga ɗan kasuwar hatsi wannan ba matsala ba ce, wanda ya kai gurabe 32 ma ya riga ya rikita kansa. Abin da ya fi damuna shi ne lambobin a ɓoye suke. Wanda ka tura wa fayil ɗin ba zai ga alamar akwai yanayi huɗu a ciki ba sai ya je ya buɗe akwatin da kansa. Don haka yana da kyau a cika wurin Comment da dalilin kowane yanayi, daga ina aka samo farashin, wa ya faɗi kashi 8. Excel yana sa sunan wanda ya ƙirƙira da kwanan wata da kansa, dalili ne ba ya sawa. Akwai kuma Prevent changes da Hide, amma ba sa aiki sai an kulle shafin da Protect Sheet.

Idan jarin na mutum biyu ne ko uku, maɓallin Merge yana da daɗin aiki. Kowa ya ɗauki kwafin fayil ɗin ya shigar da yadda yake ganin kasuwa za ta kasance, sannan a buɗe su tare a jawo yanayin kowa zuwa shafi ɗaya. Sharaɗin shi ne tsarin shafin ya zama iri ɗaya sak, domin da adireshin gurbi yake aiki. Idan wani ya matsar da farashi zuwa B9, lambarsa za ta sauka a inda ba nata ba.

Akwai abin da rahoton ba ya faɗa, kuma a nan masu karatu kan zame. Jera yanayi uku gefe da gefe yana sa ido ya ɗauka ƙarfinsu ɗaya, ko kuma na tsakiya shi ne zai faru. Babu wani abu a cikin manhajar da ya ce haka. Haɗa ukun a raba uku ma ba amsa ba ce, domin babu wanda ya ce kowane yana da kashi ɗaya cikin uku na aukuwa. Tambayar da rahoton ya fi iya amsawa ita ce, idan mafi muni ya zo, zan iya ɗauka? Mai kuɗin kansa yana iya jure faɗuwar 758,000 ya jira wata kaka. Wanda ya karɓo kuɗin mutane da alkawarin biya a wata na bakwai, wata 9 ma ba ya cikin zaɓinsa, dole ya gina wani yanayin da ake sayarwa ko an so ko ba a so.

Maƙwabcinsa a cikin What-If Analysis, wato Goal Seek, yana cika wani giɓi. Shi tambayar da yake amsawa ita ce a wane farashi ne ba riba ba faɗuwa. Ka kira Tsaka-tsaki, ka ce masa ya mai da B12 sifiri ta hanyar sauya B8, zai ba ka kusan naira 44,227. Ka kira faɗuwar kasuwa ka maimaita, zai ba ka kusan 47,120. Wato jinkirin wata uku da asarar da ta biyo shi sun ɗaga farashin da mutum zai fita lafiya da kusan naira 2,900 a kowane buhu. Ka tuna shi ma Goal Seek yana barin amsarsa a B8, sai ka sake kiran yanayinka bayan ka gama.

Duk wannan a kwamfuta ake yi. Excel na waya ba shi da Scenario Manager, Google Sheets ma bai zo da shi ba, LibreOffice Calc kuwa, wanda kyauta ne, yana da nasa a ƙarƙashin Tools da Scenarios. Wanda waya ce kawai a hannunsa yana iya gina irinsa da kansa. Sai ya rubuta lambobin yanayi uku a jerin D da E da F, daidai da layukan watanni da asara da farashi, ya ware gurbin B1 domin zaɓi, sannan a B8 ya rubuta:

```
=CHOOSE($B$1,D8,E8,F8)
```

Haka zai yi wa B6 da B7. Idan ya sa 1 a B1 shafin ya ɗauki jerin D, idan ya sa 3 ya ɗauki F. Wannan hanya ba ta fitar da rahoto da kanta, sai ya riƙa sauya B1 yana duba riba. Amma lambobin duka suna fili inda kowa zai gani ya yi musu, babu abin da ake gogewa, kuma idan ya ƙara layin B4 daga baya, gurbin da ya manta bai cika ba zai fito fanko a gabansa.